Ummi, ga yadda za ki yi wa idonki kwalliya ranar kamun Fa'iza

Ummi ƙanwata, na ga hoton da kika turo min jiya da daddare, na kuma gane abin da ya ɓata miki rai. Kin zauna kin ɓata kusan awa guda kina shafa aishado, da kika buɗe ido duk ya shige ciki, sai baƙin ailaina da ya manne a sama kamar an dangwala miki gawayi. Hannunki ba shi da laifi. Idonki irin na Mama ne: ƙarami, kuma fatar da ke ƙarƙashin gira ta sauko ta yi wa fatar ido rumfa. Irin wannan ido yana da tasa kwalliyar daban. Tunda aikin amarya zai riƙe ni a Kano ranar Juma'a, ba zan samu zuwa Zariya ba, ki bi abin da zan rubuta miki daki-daki.

Ki fara da yin alwalarki, don kada ki gama kwalliya ruwa ya wanke ta. Sai ki jingina madubi a daidai tsayin fuskarki kusa da taga, ki dubi kanki kai tsaye, ido a buɗe yadda kike kallon mutane. Kada ki ɗaga gira, kada ki runtse ido ɗaya. Duk inda za ki sa launi, a haka za ki zaɓi wurinsa, domin abin da kika shafa ido a rufe, rumfar nan ce za ta haɗiye shi.

Shafa kansila kaɗan a fatar idon tun daga gashin ido har ƙarƙashin gira, ki bi da hoda ki danne. A ido irin namu fata na gogar fata duk ƙiftawa, ga zufa ga maiƙo, shi ya sa ailainarki ta hau sama jiya.

Yanzu aishado, kuma nan ne aikin yake. Ɗauki buroshi mai laushi, ki dangwali ruwan ƙasa marar ƙyalli wanda ya ɗan fi fatarki duhu. Dubi inda fatar idonki ta ninke. Ba a cikin ninkin za ki sa ba. Ki hau samansa da kamar milimita 3, wato a kan rumfar kanta, inda idan kika taɓa da yatsa za ki ji ƙashin gira ya fara. A nan za ki yi ta kai buroshin kina komowa, ido a buɗe, har sai kin ga launin ya leƙo a madubi ba tare da kin ɗaga gira ba. Da farko za ki ga kamar ya yi sama da yawa, zuciyarki ta ce ki goge. Ki bar shi. Launi mai duhu marar ƙyalli yana sa wuri ya zama kamar ya koma ciki, to rumfar ce za ta ja baya, a ga kamar ninkin idonki a can sama yake. Ki dai bar ɗan fili tsakanin launin da gira, kada su haɗe.

Wanda ya fi shi duhu kuma a wutsiyar ido kaɗai zai tsaya, kashi ɗaya cikin uku na waje, ki riƙa jan sa sama wajen ƙarshen gira. Idan ya gangara ƙasa, idon zai yi kamar na mai jin barci. Mai ƙyallin nan ruwan zinare da na ba ki da sallah, ki ɗebo da ɗan yatsa ki ɗora a tsakiyar fatar ido, daidai saman ƙwayar, sai ɗigo ɗaya a kusurwar da ke kusa da hanci. Ko kusa kada ƙyalli ya taɓa rumfar. Yana jawo haske, ya kumbura wurin, a hoto sai a ce kuka kika sha.

Ailaina ce ta fi cutar masu ƙaramin ido. Ki duba fatar idonki da ke bayyana idan kin buɗe, ba ta kai faɗin tsinken ashana biyu ba. Layi mai kauri zai cinye ta gaba ɗaya. Don haka ki ɗan ɗaga fatar da yatsa, ki cusa fensir a tsakanin saiwar gashin ido na sama, ɗigo-ɗigo, har gindin gashin ya yi baƙi ƙirin. Bayan nan ki ja siririn layi kamar zare, ki faro shi daga tsakiyar ido zuwa waje.

Jelar ailaina kuwa, ido a buɗe za ki zana ta. Bi layin gashin ido na ƙasa a ranki, kamar ya ci gaba ya nufi ƙarshen gira, ki sa ɗigo a inda kike so jelar ta tsaya. Gajeriya ta ishe ki. Ja layi daga kusurwar ido zuwa ɗigon, ki dawo da shi kai tsaye ta kan ninkin. Idan kika rufe ido za ki ga layin ya karye, ya yi ɗan tsani, sai ki cike gurbin. Haka ake so ya kasance. Da kin buɗe zai miƙe sambal. Ki sunkuyar da ido ki ƙirga talatin kafin ki ɗago, ta bushe tukuna.

Na san za ki ce ina kwalli, tunda mun taso muna ganin Hajiya Kaka ba ta fita sai ta ranbaɗa shi daga tandunta. Yana yi wa masu dara-daran idanu kyau ƙwarai. Ke kuwa idan kika zagaye ido da baƙi ciki da waje, farin idonki ne zai ragu. A cikin fatar ƙasa ki sa fensir mai launin madara ko ruwan ƙasa mai haske. Fari fat yana yin tsauri a fata irin tamu. Sannan ki ɗan goga ruwan ƙasan nan a ƙarƙashin gashin ƙasa, daga wutsiya zuwa kusan tsakiya, ki tsaya.

Wani abu game da tozalin dutse da nake so ki riƙe, ko don 'yar Anti Rabi da ake sa wa tun tana jaririya: da yawansa akwai dalma a ciki. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami dalma ta yi yawa a jinin wani jariri, aka bi sawu aka tarar tozalin da aka kawo daga Najeriya ne, fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Ki gaya wa Anti Rabi da lalama.

Saura gashin ido. Lanƙwasa shi da abin matsewa tun daga gindi kafin maskara, don gashin masu rumfa ƙasa yake kallo. Ki fi ba na tsakiya maskara. In za ki manna na kanti, nemi mara nauyi wanda tsakiyarsa ta fi tsawo, ki rage shi da almakashi daga waje ya tsaya kafin kusurwa. Masu kaurin nan kamar tsintsiya inuwa suke yi wa ido. Maskarar da kika buɗe tun kafin azumi kuma ta wuce wata uku, ki yar da ita.

Girarki kada ki cika ta da jagira ta ƙasa. Ki tsabtace ƙasan da kansila, filin da ke tsakanin gira da ido ya ƙaru. Ki gwada duka ranar Laraba da rana, ki ɗaura ɗankwalin ankon, ki tsaya a bakin taga ki ɗauko min hoto biyu, ɗaya ido a buɗe ɗaya a rufe. Ki gaida Mama, ki ce mata ina nan tafe ranar Lahadi in sha Allah.