Tambaya kan EA SPORTS FC 25 Ultimate Edition

Salamu alaikum, barkanku da aiki.

Na ga kun saka EA SPORTS FC 25 Ultimate Edition na PS5, kuma ina so in saya wa ƙanena. Shin FC Points 4,600 ɗin da sauran ƙarin suna ciki, ko sai an sake biya daban? Idan lamba ce za ku turo, don Allah ku tabbatar mini ba a taɓa amfani da ita ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yanki. A nan ƙasar muka sayi na'urar, mai cin faifai ce, amma asusunsa na PlayStation na Birtaniya ne. Na san lambar wata ƙasa ba ta shiga asusun wata. Ta wace ƙasa ce taku? In ta ƙi shiga, kuna mayar da kuɗi?

Ina jiran amsarku kafin in biya. Na gode.