Kwatanta zaman 12 ga Afrilu da na 10 ga Mayu, 2025: kwamitin ruwa na unguwa, wajen Ƙofar Marusa, Katsina

Zuwa ga Mai Unguwa, Liman da sauran 'yan kwamiti

Ranka ya daɗe, kamar yadda ka umarta, na saurari murya biyun da aka naɗa a waya, na rubuta su kalma da kalma, sannan na ɗora na farko a kan na biyu. Duka zaman biyu an yi su ne ranar Asabar bayan La'asar a zauren gidanka. Na farko mutum 11 suka halarta, na biyu mutum 9. Inda na ambaci minti, wurin da maganar take a cikin muryar nake nufi, don wanda yake da shakka ya koma ya ji da kunnensa.

Abin da ya canza

Babban canji shi ne yadda za a tayar da ruwan. A Afrilu an tsaya a kan gyara tsohon famfon rijiyar burtsatse da sayen janareta, a kan ₦850,000. Ma'aji ya ce a minti na 14: "Ranka ya daɗe, zafi ya shigo, mutane ruwa suke so yau, mu yi wanda kuɗinmu zai kai." Ba wanda ya ja. A Mayu kuwa, bayan mai gyara ya zaro famfon ya nuna wayar cikinsa ta ƙone, Ma'ajin da kansa ne ya juya. A minti na 9 ya ce: "Tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk wanda ya dogara da janareta gidan mai yake yi wa aiki. A sa mana sola mu huta." Aka amince da sabon famfo mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, da faranti shida na sola mai wat 300 kowanne. Kuɗin aiki ya koma ₦1,650,000.

Sai dai a lura, adadin karo-karo bai motsa ba. A Afrilu an yanka wa kowane gida ₦5,000, gidaje 140, wato ₦700,000. A Mayu Ma'aji ya ba da rahoton gidaje 96 sun biya, ₦480,000 ke nan, ga kuma ₦600,000 da wani ɗan unguwa mazaunin Kano ya aiko ya ce kada a faɗi sunansa. Abin da ke hannu ₦1,080,000. Ko da sauran gidaje 44 sun biya gobe, akwai giɓin ₦350,000. Na bi rubutun Mayu daga farko har ƙarshe, ban ga inda wani ya yi wannan lissafin da baki ba. An yi kabbara da aka ji kyautar, aka wuce.

Ranar gama aiki ma ta ja baya. A Afrilu an ce ƙarshen wata. A Mayu an ce "kafin Babbar Sallah", wadda ake sa rai a farkon Yuni.

Abin da aka rufe

Uku ne, kuma ban ga dalilin sake tayar da su ba. Wurin kafa tankuna: a Afrilu Liman ya ce sai ya tuntuɓi kwamitin masallaci, a Mayu ya kawo takardar yarda a kan kusurwar arewa ta filin masallaci, aka karanta, aka sa hannu. Ajiyar kuɗi: an buɗe asusu a banki, masu sa hannu uku, ba a fitar da ko sisi sai biyu sun sa. Gidajen haya: a Afrilu an yi ta ja, ko mai gida ne zai biya ko 'yan haya. A Mayu, minti na 22, Mai Unguwa ya yanke cewa ƙofar gida ake ƙirgawa, ba ɗaki ba, na cikin gida su raba a tsakaninsu. Kowa ya ce na'am.

Abin da yake a buɗe

Farashin jarka shi ne wanda nake roƙon a karanta da natsuwa, domin a unguwa ana ta cewa an gama shi, alhali rubutu bai nuna haka ba. A Afrilu, minti na 31, Mai Unguwa ya ce: "To mun tsaya a kan ₦50 jarka." Hajiya shugabar mata ta ce: "Ranka ya daɗe, ₦50 a bakin famfo, to nawa ɗan garuwa zai kai ma mace cikin gida?" Ba a amsa mata ba, sai aka kira Magariba aka tashi. A Mayu ta dawo da maganar, ta ce tunda babu sayen mai a mayar da shi ₦30. Wakilin 'yan garuwa ya goyi baya, Ma'aji ya ƙi. Hujjarsa ita ce tanki biyu masu lita 5,000 kowanne jarka 400 ce ta lita 25; a ₦50 cikawa ɗaya ₦20,000, a ₦30 kuwa ₦12,000, kuma daga ciki za a biya mai gadi a ajiye na gyara. Kalmar ƙarshe a minti na 40 ita ce "za a duba". Saboda haka ₦50 ɗin Afrilu ba ta tsaya ba, ₦30 ɗin Mayu ba ta shiga ba. A ganina duk ɓangarorin biyu sun yi lissafi kamar kullum tanki zai cika. Sola ba ta jan ruwa da dare, kuma ranar da hadari ya rufe ko ƙurar hunturu ta kwanta a kan faranti, abin da ake samu yana raguwa. Gara a tambayi mai aikin lita nawa rijiyar take bayarwa a awa ɗaya kafin a yanka farashi.

Magudanar ruwan da zai riƙa zuba a bakin famfo ta zo a zama biyun, kusan da kalmomi iri ɗaya. Wakilin matasa ya ce su za su haƙa in an ba su siminti, aka ce madalla. Ba a faɗi buhu nawa ba, ba a faɗi wa zai saya ba. Damina kuma tana bakin ƙofa, kuma duk mun san yadda lungun nan yake zama a watan Agusta.

Akwai kuma abu ɗaya da ba a rufe ba, ba a kuma ce yana buɗe ba: ɓacewa ya yi. A Afrilu, minti na 19, Liman ya tambayi ₦185,000 na cinikin ruwan bara da ke hannun tsohon mai kula da famfo. Ma'aji ya ce: "Allah gafarta Malam, a ba ni sati biyu in kawo littafin." A muryar Mayu, mai tsawon minti 52, babu wanda ya ambaci kuɗin ko littafin. Ba ina zargin kowa ba ne, mai yiwuwa murnar sola ce ta danne zancen. Amma kuɗin ya haura rabin giɓin da na lissafa a sama, kuma na ji wasu daga cikin gidajen da ba su biya ba suna cewa sai sun ji labarinsa tukuna.

Don zama na gaba

An sa shi Asabar 14 ga Yuni, wato bayan Sallah, bayan ranar da aka ce aiki zai ƙare. Ina ba da shawara, in Mai Unguwa ya yarda, a dawo da shi 24 ga Mayu. A fara da littafin cinikin bara, sai giɓin ₦350,000, sai farashin jarka tare da mai aikin a zaune, sannan simintin magudana. Wanda ya ga na ɗora masa abin da bai faɗa ba ya same ni kafin Juma'a, mu saurari wurin tare a gyara.

Sakataren kwamiti
Talata, 13 ga Mayu, 2025