Tsarin Ranar Iyaye da Baje Ayyukan Yara: Asabar, 29 ga Nuwamba, 2025

Daga kwamitin shirya ranar iyaye zuwa ga malaman aji, shugabannin ɗalibai da wakilan ƙungiyar iyaye da malamai.

Za a buɗe ƙofa ƙarfe 9:00 na safe, a tashi 12:15 domin kowa ya isa gida kafin azahar. Ɗalibanmu 312 ne, daga aji ɗaya zuwa aji shida, kuma kwamiti ya tsayar da sharuɗɗa biyu da ba za a sassauta ba: kowane yaro yana da aiki aƙalla ɗaya a baje da sunansa a jiki, kuma yaron ne zai yi wa iyayensa bayani da bakinsa. Malami yana tsaye ne a gefe, sai an tambaye shi. A bara malamai suka zaɓi aikin yara goma masu ƙoƙari a kowane aji, suka kuma yi bayanin da kansu, sai iyaye da dama suka zagaya suka fita ba su ga komai na ɗansu ba. Bana ba za a yi haka ba.

Abin da kowane aji zai baje

Aji ɗaya da aji biyu: takardar rubutu guda biyu ga kowane yaro, ta makon farko na zango da ta wannan wata, a liƙe kusa da juna. Uwa ko ba ta yi boko ba za ta ga bambancin hannun da idonta, kuma wannan ya fi kowane bayani. A ƙara da teburin ƙirga na marafen kwalba da tsinken tsintsiya ɗaure goma-goma.

Aji uku: taswirar hanya daga gida zuwa makaranta, da ƙirar yumɓu. A gama ƙirar kafin 18 ga wata, a shanya ta cikin aji a inuwa, a lulluɓe da tsumma mai ɗan laima kwana biyun farko. Iskar hunturu tana busar da bayan yumɓu alhali cikinsa ɗanye, shi ya sa yake tsagewa idan aka sa shi a rana.

Aji huɗu ke da teburin kimiyya. Wake a gwangwani uku-uku: ɗaya a haske ana ba shi ruwa, ɗaya cikin kwali rufe ana ba shi ruwa, ɗaya a haske babu ruwa. A shuka ranar 17 ga wata, kwana goma sha biyu kenan kafin taro, lokacin da na cikin duhu zai yi tsawo, ya yi fari fat, ya langaɓe. A huda gindin gwangwanin, in ba haka ba ruwa zai kwanta waken ya ruɓe. Akwai kuma matatar ruwa ta gora da aka yanke aka kifa: auduga a baki, sai gawayi, sai yashi, tsakuwa a sama. A rubuta da manyan baƙaƙe cewa ruwan da ya fito ba na sha ba ne, domin tacewar datti take cirewa, ba ta kashe ƙwayoyin cuta.

Aji biyar da aji shida: insha'i na Hausa da na Turanci, lissafin ciniki da suka yi bayan tambayar farashi a gida, da kayan hannu irin su mafici, kwando da ɗinkin hula.

Ba a liƙa maki, ba a liƙa jerin na ɗaya zuwa na ƙarshe. Haka kuma kada malami ya gyara wa yaro aiki ko ya sa wani ya kwafe masa. Iyaye sun san hannun 'ya'yansu, kuma da zarar sun ga an yi kwaskwarima a takarda ɗaya, sauran ma ba za su yarda da su ba.

Yadda za a rataye

Salatif ba ya kama bangon da ƙura ta hau, kafin hantsi takardu sun zube. Don haka a kafa ƙusa a kusurwoyi, a ja igiya layi biyu a bango uku na kowane aji, a maƙale takardu da maƙalan shanya. Layin ƙasa ya tsaya daidai idon yaran ajin, domin mai aiki ya iya nunawa da yatsa. A jera bisa harafin farko na suna, kada iyaye su yi ta lalube. Tagogin da iska ke shigowa ta cikinsu a bar su a rufe.

Ma'aji zai sayo kwali 60, igiya ƙulli 6, maƙalan shanya dozin 55, ƙusa, alƙalamin maka 12 da buhun ruwan leda 25. Tabarmi 20 da benci 30 aro ne, rumfa biyu kuma ƙungiyar iyaye ta ɗauki nauyinsu. Ba za a karɓi ko kwabo daga hannun yaro ba.

Rabon aiki ga ɗalibai

'Yan aji biyar su 48 ne, 'yan aji shida 46. An haɗa su an raba gida biyu, kowane rukuni mutum 47: 24 daga aji biyar, 23 daga aji shida. Rukunin farko yana aiki daga 9:00 zuwa 10:15, na biyu daga 10:15 zuwa 11:30. Wanda ba ya bakin aiki yana ajinsa kusa da abin da ya baje. A kowane rukuni ga yadda aka raba:

'Yan tarba, mutum 6, uku maza uku mata, a bakin ƙofa. Su yi sallama, su gaida baƙo yadda ya dace da shekarunsa, "Sannu da zuwa Baba", "Sannu da zuwa Mama", su nuna teburin rajista. Ba sa barin ƙofa ko da wa ya kira su.

'Yan rajista, mutum 4, a tebur biyu. Su ne ke rubutawa, ba baƙon ba: sunan yaro, aji, da ko wanda ya zo uba ne, uwa ce ko wakili. Miƙa wa dattijo biro a gaban jama'a alhali bai yi boko ba abin kunya ne da za mu iya kauce masa cikin sauƙi.

'Yan rakiya, mutum 12, biyu ga kowane aji. Wannan ne aikin da ya fi rikicewa, don haka a koya musu shi da kyau. Mai rakiya yana ɗaukar iyali daga teburin rajista, ya kai su ƙofar ajin, ya kira sunan yaron, ya damƙa su hannunsa, ya dawo nan take. Ba ya tsayawa sauraron bayani. Idan iyali suna da yara a azuzuwa biyu ko uku, a fara da ƙaramin, domin ƙananan su ne ke saurin gajiya da kuka in sun ga iyayen wasu sun zo nasu shiru. Daga nan ƙaramin da kansa zai raka su ajin yayansa. Tsoho ko mai juna biyu a fara samar masa wurin zama, a kawo masa yaron da takardarsa.

Masu taya ƙanana, mutum 6, biyu-biyu a aji ɗaya zuwa uku. Suna taimaka wa yaro ya gano aikinsa, kuma in ya yi nauyin baki su buɗe masa da tambaya ɗaya: "Wannan me ka zana?" Ba sa amsawa a madadinsa.

'Yan ruwa mutum 6, 'yan tsafta mutum 6. Na farko suna raba ruwa a rumfa kawai, ba a shiga aji da shi saboda takardu. Na biyu suna yawo da kwando suna kwashe leda, suna kuma duba butoci a banɗaki duk rabin awa. A yi ƙuri'a wajen cika waɗannan gurabe biyu, a haɗa maza da mata. Kada su zama rabon yaran da ake gani ba su da ƙoƙari, yaran suna lura da irin wannan.

Shela da ƙararrawa, mutum 3: ɗaya riƙe da agogo da ƙararrawa, biyu suna sanarwa da Hausa. Masu kai saƙo, mutum 4, suna zaune kusa da ofishin shugaban makaranta. Idan yaro ya ji ciwo ko ƙaramin baƙo ya ɓata, aikinsu su kira malamar da ke riƙe da akwatin magani, ba su taɓa komai da kansu ba.

'Yan aji huɗu, su 50, za su riƙa karɓa-karɓa a teburin kimiyya: mutum 10 duk rabin awa. Aji ɗaya zuwa uku suna cikin ajinsu, aikin kowa shi ne nuna nasa, sai mai gaisuwa a ƙofa da ake sauyawa duk minti goma sha biyar.

Kowane mai aiki zai rataya katin kwali a wuya da sunansa da aikinsa, a baya kuma an rubuta lokacinsa da sunan malamin da zai nema in abu ya fi ƙarfinsa.

Gayyata, da yaran da ba wanda zai zo musu

Takardar gayyata ta fita ranar 14 ga wata, da Hausa, yaro ya rubuta sunansa a kai da hannunsa ya kuma karanta ta a gida. A ambaci uba da uwa duka, domin a gidaje da yawa fitar uwa sai maigida ya san da maganar tun da wuri. Ga 'yan aji biyar da shida, a rubuta lokacin da yaron zai kasance a ajinsa, don kada iyaye su zo yana bakin aiki. Idan duk da haka suka zo, mai kai saƙo ɗaya ya riƙe masa wurinsa minti goma. Shugaban makaranta zai rubuta wa makarantun Islamiyya na unguwa tun a wannan mako, saboda yawancin yaranmu suna can safiyar Asabar.

Malamin aji ya san marayun ajinsa, da waɗanda iyayensu ke fita neman abinci ba hutu. Ya ba sakataren kwamiti sunayensu a asirce kafin 21 ga wata. Wakilai goma daga ƙungiyar iyaye za su raba sunayen, su shiga aji kamar kowane baƙo, su tsaya gaban aikin yaron, su saurare shi har ya gama. Da ƙarfe 10:45 malami ya duba wanda har lokacin ba a zo masa ba, ya ƙara shi cikin jerin. Yayye, kakanni da maƙwabta duk wakilai ne karɓaɓɓu.

Gwaji da ranar taro

Laraba 26 ga wata bayan tara, za a yi gwaji na minti arba'in, malamai su zama iyaye, wasu su yi kamar ba sa jin Turanci, wasu su zo da yara uku. Kowane yaro ya iya faɗin abu uku: me na yi, yaya na yi shi, me ya ba ni wuya. Kada a ba su hadda, in suka manta kalma ɗaya sai su daskare. Alhamis a gama rataye komai, saboda Juma'a ana tashi da wuri. Asabar ƙarfe 7:30 a yayyafa ruwa a fili kafin shara, ɗalibai su iso 8:00.

Ƙarfe 11:30 ƙararrawa ta tara kowa a rumfa: addu'a, jawabin shugaban makaranta minti biyar, na shugaban ƙungiyar iyaye minti biyar, waƙar aji biyu, sai tambayoyin iyaye. Maganar kuɗin makaranta ko matsalar wani yaro ba ta wannan zama ba ce, a ba mai ita rana. Hoto kuma kowa ya ɗauki ɗansa kawai.

Ba a sauke komai sai baƙo na ƙarshe ya fita. Kayan yumɓu da na hannu yara su tafi da su gida, takardu su zauna a bango har ranar Laraba domin iyayen da suka samu uzuri. Kwamiti zai zauna Litinin 1 ga Disamba bayan tashi, da littafin rajista da wakilin ɗalibai ɗaya daga kowane fannin aiki.

Sakataren kwamiti, a madadin shugaban makaranta
10 ga Nuwamba, 2025