Ciki shafe da safe, da yamma kamar mai juna biyu, alhali ba wani abin kirki aka ci ba

Makon da ya wuce ƙanwar mamanmu ta kira ni bayan magariba, murya duk a raunane, ta ce ɗiyata ke da kike aikin asibiti don Allah ki faɗa min me ke damuna. Tela ce, tun ƙarfe 8 na safe take hawa keke ba ta sauka sai yamma. Ta ce da asuba cikinta lafiya lau, tana ɗaura zani yadda ta saba, amma kafin la'asar sai ta kwance ta sassauta, zuwa isha'i kuma cikin ya yi tam kamar ganga har wata mai kawo ɗinki ta yi mata barka tana zaton ciki ne da ita. Abin da ya fi ɗaga mata hankali shi ne wai ba ta cin komai, shayi da biredi da safe, da rana ƙosai guda uku ko ɗanwake ɗan kaɗan, shi ke nan, har ta fara rage wannan ɗin ma don tsoro. Wasu sun ce mata basir ne, wasu sun ce sanyi, wata maƙwabciya ma har ta fara kawo zancen sammu.

Wallahi ta ba ni tausayi, kuma na san ba ita kaɗai ba ce, kusan kullum sai na haɗu da mai irin wannan kuka, maza da mata, amma mata sun fi yawa.

Tambayar farko da na yi mata ita ce, Anti idan kin kwana kin tashi cikin yana saɓewa ko yana nan yadda yake? Ta ce yana saɓewa tas. Na ce to alhamdulillahi, don wannan amsar ita ke raba hanya. Kumburin da ke hawa da rana ya sauka da dare yawanci aikin hanji ne da iska da bayan gida, wanda kuma ba ya sauka ko kaɗan maganarsa daban, zan zo kansa.

Mu fara da zancen ban ci komai ba. Abincin da ka ci ba nan take yake wucewa ba, yana yin awa 2 zuwa 4 a tumbi, ya ɗauki wasu awannin a ƙaramin hanji, sannan ya faɗa babban hanji inda zai iya yin kwana ɗaya ko biyu kafin ya fita. A babban hanjin nan akwai ƙwayoyin halitta masu yawan gaske da ke zaune lafiya da mu, duk abin da jiki bai narkar ba su suke cinyewa, suna ci suna fitar da iska kamar dai yadda ƙullin waina ke tashi idan an sa masa yis an rufe. To ka ga ƙosan da aka ci da hantsi sai wajen yamma zai isa wurinsu, garau-garau ɗin daren jiya ma wataƙila yana nan bai gama wucewa ba. Shi ya sa mutum zai rantse yau bai ci komai ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma hanjinsa aikin jiya yake yi.

Kuma ba yawan abincin ba ne, irinsa ne. Wake da duk 'ya'yansa, ƙosai, alale, ɗanwake, sai albasa musamman ɗanya, tafarnuwa, kabeji, da kayan fulawa irin su biredi da gurasa da taliya, duk suna da wani nau'in sukari da hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa sosai. Ba wai ba su da amfani ba ne, wake abinci ne mai gina jiki kuma ba zan taɓa ce wa kowa ya daina ci gaba ɗaya ba, kawai dai wani cikin ya fi wani jurewa. Sai madara. Mutane da yawa idan sun girma jikinsu yana rage samar da sinadarin da ke narkar da sukarin madara, 'yan uwanmu Fulani makiyaya da yawansu sun gaji iya narkar da ita har tsufa, amma wani cokali biyu na madarar gari a shayi ya ishe shi ya wuni ciki na ƙugi. Nono da kindirmo sun fi sauƙi saboda tsamin da suka yi ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin.

Da na tambayi Anti bayan gida fa, sai ta yi shiru, can ta ce ai tana yi. Na ce kullum? Ta ce a'a sai bayan kwana uku, shi ma da nishi, ƙanana masu tauri kamar na awaki. Nan na ce mata to ga rabin matsalar. Mu Hausawa kunya ta sa ba ma faɗin wannan ko a gaban likita, alhali taurin bayan gida yana cikin manyan masu kawo kumburin yamma. Hanya ta cushe, iska ba ta samun wucewa, abin da ya taru kuma ƙwayoyin nan na ta ci suna ƙara iska. Har wanda ke zagawa kullum zai iya zama cikin wannan matsalar idan yana tashi yana jin kamar bai gama ba. Rashin shan ruwa a wannan zafin namu, rashin ganye da 'ya'yan itace, zama wuri ɗaya, da matse bayan gida saboda banɗakin kasuwa ko na ofis ba ya shiguwa, duk suna taruwa. Har tusa ma, yi haƙuri da kalmar, lafiyayyen mutum yana fitar da ita sau 10 zuwa 20 a rana, wanda ya wuni cikin mutane yana matsewa ko don kunya ko don kar alwala ta karye, da yamma zai ji a jikinsa.

Akwai kuma iskar da muke haɗiya da bakinmu. Anti tana taunar cingam duk wuni wai don kar ta ji yunwa, ta kora da lemon kwalba mai sanyi. Duk tauna da haɗiyar yawu da iska suke tafiya, lemon kuma cike yake da gas. Haka cin abinci a tsaye da sauri ana hira.

Amma abin da na fi so mutane su gane shi ne wannan, don shi ne ke sa a riƙa ganin mai ciwon kamar raki yake yi. Likitoci a Barselona ta ƙasar Sifen sun ɗauki hoton cikin masu irin wannan kumburi lokacin da ciki yake shafe da lokacin da ya kumbura, sai suka ga a wurin da yawansu iskar da ta ƙaru ba wata mai yawa ba ce. Abin da ke faruwa shi ne hanjinsu yana da saurin jin abu, 'yar iskar da wani ba zai ma san tana nan ba su sai su ji ta kamar an hura balan-balan, sai naman nan da ya raba ƙirji da ciki wanda muke numfashi da shi ya danno ƙasa, naman gaban ciki kuma ya saki, kayan ciki su turo waje. Kumburin gaskiya ne, ana ganinsa da ido, ana iya aunawa da tef ɗin tela, amma ba yawan abinci ya kawo shi ba. Wannan yana yawan zuwa wa masu ciwon da likitoci ke kira ai-bi-es, wato murɗar ciki da ke tafiya da gudawa ko taurin bayan gida ko suna karɓa-karɓa, kuma damuwa da rashin barci suna tayar da shi sosai. Mace mai tunanin kuɗin makaranta da ɗinkin biki da bai kammalu ba, hanjinta ma yana ɗaukar nasa rabon.

Ga mata kuma akwai kwanakin da ke gab da al'ada, hanji yana yin sanyin tafiya jiki kuma yana riƙe ruwa, haka ma a farkon shigar ciki. Masu olsa ko ƙwayar cutar nan failori da ke zama a tumbi sukan ji saman ciki ya cika daga loma kaɗan, ga gyatsa ga ƙwannafi. Wanda ya daɗe da ciwon suga tumbinsa kan yi nawa wajen sauke abinci. Magunguna ma da nasu, ƙwayar ƙarin jini da tiramol da kodin suna busar da bayan gida, metfomin na masu suga yana kawo iska musamman farkon fara sha, amma kar kowa ya ajiye maganinsa bai yi magana da likitansa ba. Sai ƙwayoyin cutar da ake sha a gurɓataccen ruwa, waɗannan gwajin bayan gida ke nuna su.

Kanwa da ake jiƙawa a sha, don Allah a rage. Idan ta haɗu da tsamin ciki gas take haifarwa, gyatsar da ka yi ka ji daɗi rabinta ita ta kawo ta, ga gishirinta ba ya yi wa mai hawan jini da mai ciwon ƙoda kyau. Maganin wankin ciki na kan titi ma ana sha a yi gudawa a ji wasai kwana biyu, abin ya dawo.

Yanzu ɗayan ɓangaren, wanda shi ne ke hana ni barci. Idan ciki ya kumbura ba ya sauka da safe, kullum ƙara girma yake, wannan ba na jira ba ne. Zai iya zama ruwa ne ya taru saboda ciwon hanta, wanda ke da yawa a ƙasarmu kuma yana ɗaukar shekaru bai nuna kansa ba, ko ciwon zuciya ko ƙoda ko tarin fuka da ya sauka ciki. Ga mata zai iya zama ƙari ne ya fito a mahaifa, macen da ta haura 50 kuma ta ga sabon kumburi kusan kullum tare da saurin ƙoshi, lallai a yi mata hoton ciki a duba ƙwan mahaifa. Rama ba dalili, ƙafa ta kumbura, ido ya yi rawaya, jini a bayan gida ko ya fito baƙi wuluk kamar kwalta, duk a tafi asibiti. Amai da ciwo mai tsanani ga ba tusa ba bayan gida kuwa, a daren za a tafi, ba sai gari ya waye ba.

Anti dai na hana ta zama da yunwa, don wuni ba ci sannan a auka wa tuwo da dare shi ma kumburi ne, kowa ya san yadda ciki ke yi bayan buɗa baki. Na ce ta riƙa ci kaɗan-kaɗan a zaune, ta ajiye gorar ruwa kusa da keke, ta ƙara zogale da kuɓewa da gwanda, ta bar cingam da lemo, ta riƙa tashi tana ɗan zagaya tsakar gida na minti 10 bayan cin abinci. Madara kuma ta ajiye ta sati 2 mu gani, in ba canji ta dawo da ita mu gwada rage wake, ɗaya bayan ɗaya don mu san mai laifin. Jiya ta ce min bayan gida ya fara sauƙi kuma zanin bai matse ta ba sai bayan magariba, amma saboda shekarunta 47 kuma ba ta taɓa gwajin hanta ba, ranar Litinin zan raka ta a ɗebi jini a yi hoton ciki.