Neman bayani kan takardar neman tallafin karatu, lamba 0417

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Sakatare,

Da fatan ana lafiya, ya ƙoƙari da jama'a?

Na cike fom ɗin neman tallafin karatu ranar 3 ga Satumba, aka tantance mu ranar 24 ga watan. Ina aji uku a sashen lissafi na Jami'ar Bayero, Kano. Na san masu nema suna da yawa kuma aikin yana buƙatar lokaci, ina dai so in san inda aka kwana.

Abu ɗaya ke ɗan damuna: a katin NIN an rubuta sunana Hauwa, a takardar samun gurbin karatu kuma Hauwa'u. Kada wannan ya tsayar da fayil ɗina, na haɗo takardar rantsuwa ta kotu da wannan saƙo, tare da shaidar asalin ƙaramar hukuma da sakamakon jarrabawar bara.

Wa'adin biyan kuɗin rajista zai cika ranar 30 ga Nuwamba. Idan da sauran takardar da ake buƙata, zan kawo ta ofis da kaina.

Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara girma.

Hauwa'u
Lambar nema: 0417