Wasiƙar Neman Sabunta Yarjejeniyar Sake Inshora ta Shekarar 2026

Kaduna, 20 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga jagoran masu sake mana inshora da sauran kamfanonin da ke da kaso a yarjejeniyarmu,
ta hannun dillalinmu a Legas.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Yarjejeniyoyinmu biyu, ta rara a kan gobara da haɗurran da ke tafe da ita, da kuma ta asarar da ta wuce haddi a kan motoci, za su ƙare ranar 31 ga Disamba. Muna neman a sabunta su daga 1 ga Janairu, 2026, na tsawon wata 12. Jadawalin kuɗin inshora da na diyya har zuwa 30 ga Satumba suna haɗe da wannan wasiƙa.

Bari mu fara da 2024, domin mun san nan idonku zai fara sauka. A shekarar mun miƙa muku naira miliyan 470 a yarjejeniyar gobara, diyyar da ta hau kanku kuma ta kai miliyan 451, wato kashi 96 cikin ɗari. In aka ɗora kamasho a kai, kun yi asara, ba mu da ja a kan wannan. Fiye da rabin kuɗin, miliyan 238, na ambaliyar Maiduguri ne ta watan Satumba, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Mutum 41 daga cikin masu inshora a wurinmu suka nemi diyya, galibinsu 'yan kasuwa masu shaguna da ɗakunan ajiya, jimillar asarar ta kai miliyan 352, muka ɗauki miliyan 114 a aljihunmu. An biya 37. Huɗu na nan a hannun masu tantance asara, mun ware musu miliyan 31 daga kasonku, kuma wannan adadi yana cikin 238 ɗin da muka ambata. Babbar asara ta biyu gobara ce a wani ɗakin ajiyar atamfa a Kano, inda kasonku ya kama miliyan 96.

Abin da ambaliyar ta tona shi ne yadda muke lissafin haɗari. Kowane shago muna kallonsa shi kaɗai, da irin gininsa da wayoyin wutarsa da na'urar kashe gobara. Ba mu taɓa tara su mun tambayi kanmu nawa muka ɗauka a unguwa guda da ruwa zai iya shafewa cikin dare ɗaya ba. Maganar ruwa a Borno, gaskiya, wani ƙari ne da ake liƙa wa takardar gobara kusan kyauta don a jawo ciniki, kuma ba mu kaɗai ke yin haka a kasuwa ba. Tun Janairun bana mun daina. Kariyar ambaliya yanzu tana da farashinta daban, mai dukiya yana ɗaukar kashi 10 na farkon asara, kuma mun sa wa kowace babbar kasuwa da kowace unguwar bakin kogi iyakar abin da za mu ɗauka. Reshe ba ya iya ƙetare iyakar sai da sa hannun hedikwata. Mun rasa wasu abokan ciniki a dalilin haka, ba mu kuma bi su ba.

Sauran shekarun ba su da wani dogon labari. A 2021 mun miƙa miliyan 210, diyya miliyan 80. A 2022, miliyan 265 da 109. A 2023, miliyan 340 da 122. Wata tara na bana, miliyan 455 da 150. Idan aka haɗa duka tare da 2024, kun karɓi miliyan 1,740, diyya ta ci miliyan 912, kashi 52 ke nan da ɗan ɗoriya. A kan wannan tsawon lokaci muke roƙon a auna mu.

Kayan da muke ɗauka ma sun canza. A 2023 shagunan kasuwa su ne kashi 44 na kuɗin inshorar gobara, yanzu sun sauko zuwa 29. Gurbinsu ya koma ga masana'antun casar shinkafa, da makarantu, da asibitoci masu zaman kansu, da rumbunan hatsi na zamani, wuraren da ma'aikacinmu ke iya zuwa ya duba da idonsa kafin a rubuta takarda. Mun daina karɓar rumbun auduga da masana'antar katifa a ƙarƙashin yarjejeniyar; in irinsu suka zo, sai mu kawo muku su ɗai-ɗai a yi ciniki daban.

Sai batun darajar kuɗi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, injin da aka yi wa inshora a kan tsohon farashi ba ya sayuwa da ninkin kuɗin, ga hauhawar farashi da ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. Mun matsa wa abokan ciniki su sake kimanta dukiyarsu, wanda ya ƙi kuma muna rage masa diyya daidai da giɓin da ya bari. Sakamakon haka, masana'antar da a da ke shiga yarjejeniyar cif-cif yanzu ta fi ƙarfinta, alhali gini ɗaya ne, injin ɗaya ne. Wannan ne dalilin buƙatarmu ta farko.

Muna neman a ɗaga abin da muke riƙewa a kowane haɗari daga miliyan 50 zuwa miliyan 75, a kuma ƙara ninkin da kuke ɗauka daga 10 zuwa 12, ta yadda kasonku zai iya kaiwa miliyan 900 maimakon 500. Hukumar daraktocinmu ta amince da ƙarin abin riƙewar. Muna hasashen miƙa muku miliyan 680 a 2026. Mu da kanmu muke ba da shawarar a sa iyaka ta miliyan 600 ga ambaliya guda, abin da babu shi a yarjejeniyar yanzu. Amma kamasho muna roƙon a bar shi a kashi 30. Dillalinmu ya sanar da mu cewa ana tunanin rage shi, kuma mun fahimci dalili. Sai dai da kuɗin nan muke biyan dillalan gida da masu zuwa duba wurare, kuma duban nan shi ya sauko da diyyar bana zuwa kashi 33. Kamashon riba kuwa, mun yarda a ci gaba da ɗora asarar 2024 a kan lissafinsa har shekara uku. Adadin da za mu iya neman ku biya nan take ba tare da jiran lissafin wata uku ba, a mai da shi miliyan 40.

A ɓangaren motoci, sau biyu kacal aka taɓa yarjejeniyar tun 2021, duka tirela ce, jimillar miliyan 27. Kuɗin shiga ya ƙaru tun da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mai da inshorar dole ta ƙananan motoci naira 15,000 a Janairun 2023, ta kuma ɗaga diyyar ɓarnar dukiya zuwa miliyan 3, sannan 'yan sanda suka fara tsananta bincikenta a Fabrairun bana. Muna so mu riƙe miliyan 20 na farko maimakon 15, ku ɗauki miliyan 130 a samansa, da damar maido da kariyar sau biyu a shekara. Tankokin man fetur suna nan a wajen yarjejeniyar kamar yadda aka saba.

Game da sabuwar dokar inshora ta 2025 da ta wajabta jarin kamfani irin namu ya kai aƙalla naira biliyan 15, masu hannun jari sun amince da sayar da sababbin hannaye, kuma za mu aiko muku da rahoto kowane wata uku. Lissafinmu da ku na wata uku na biyu an biya shi, na uku zai fita kafin 15 ga Nuwamba.

Muna fatan samun sharuɗɗan jagora kafin 21 ga Nuwamba, domin sauran kamfanoni su samu lokacin dubawa, mu kuma mu gabatar wa NAICOM a kan kari. Duk wanda ke son ganin fayilolin Maiduguri, a shirye suke a ofishinmu na Kaduna.

Wassalam. Naku da girmamawa,

Shugaban Sashen Sake Inshora,
a madadin Manajan Darakta