Tayin gwajin abinci na kwana 3 kyauta ga maniyyatan Umara

Assalamu alaikum, Alhaji. Ina fatan an wuni lafiya, ya jama'a da hidimar baƙin Allah?

Ni ce mai ɗakin girkin nan na unguwar Misfala a Makka da muka gaisa a bakin masaukinku ranar da ayarinku na Kano ya sauka. Ka ce min kuna da mai kawo muku abinci, kuma ba ka son taɓa tsarin da yake tafiya ga azumi ya ƙarato. Gaskiyarka ne. Don haka ba na cewa ka sallami kowa ko ka sa hannu a wata takarda. Kwana 3 kawai nake roƙo, a kan mutum 20.

Ga yadda na tsara. Daga 10 zuwa 12 ga Sha'aban, ka ware min mutum 20 cikin ayarin da yake Makka a lokacin, in ciyar da su rana da dare. Plate ɗin da za su ci, wato kwano 120 ke nan, duk a kaina. A farashina kuɗinsu ya kama Riyal 1,680, amma ko halala ɗaya ba za ka biya ba, har kuɗin mota da robobin zubawa. Sauran mutanenka su ci gaba da cin abin da suka saba.

In son samu ne, Alhaji, ka ba ni dattawan. Ranar da na zo na ga wata baiwar Allah a zaune a ƙasan bene, ta buɗe robar shinkafarta ta ɗan tsakura, ta rufe ta tura gefe, ta ciro garin kwaki daga jaka tana neman ruwa. Abin ya tsaya min a rai. Tsohuwar da za ta yi ɗawafi zagaye 7, ta yi sa'ayi 7 tsakanin Safa da Marwa, ba za ta iya da cikin da ba komai ba. Shinkafar nan ba laifinta, bakinsu ne bai saba da ita kullum ba. Su tuwon shinkafa da miyar kuka suke so, da daddawarta da ɗan man shanu, ko miyar kuɓewa busasshiya, ko taushe. Da dare kuma abu mai sauƙi, faten wake ko waina, da kunun tsamiya mai ɗumi. Masu hawan jini da ciwon suga a ba ni sunayen ɗakunansu, nasu daban zan zuba, in rage gishiri, in rubuta a murfi.

Na san abin da mai ayari ya fi tsoro shi ne latti da ɓacin ciki. Titin Ibrahim Khalil kan toshe gab da salla, saboda haka motarmu takan iso kafin kiran Azahar, na dare kuma kafin Magariba, a cikin kuloli masu riƙe zafi. Idan muka makara da rabin awa, ka aika a sayo musu abinci a duk inda ka ga dama, ni zan biya. Ɗakin girkinmu yana da lasisin baladiyya, wato hukumar birni, duk mai taɓa abinci a wurin yana da katin lafiya. Ka turo wanda ka yarda da shi ya zo ba tare da sanarwa ba, ya buɗe firji, ya leƙa tukwane, ya duba takardun da idonsa.

Abu uku nake so daga gare ka. Mutum ɗaya da zai karɓi abincin ya ƙirga, sannan a rana ta uku ka tambayi dattawan da kanka, ba na wurin. Ka kuma sa a duba robobin da suka dawo, don su ba sa kara.

Daren 12 ga wata gwajin ya ƙare. Ba zan kawo komai ranar 13 ba sai ka kira ni da bakinka, kuma ba bashi tsakaninmu. Idan ka ga ba a gamsu ba, ka faɗa min inda na gaza, na gode. Idan kuma ya yi maka, farashin Riyal 14 ne kowane kwano, har da harajin kashi 15 cikin ɗari a ciki. Na faɗa tun yanzu don kada ka ji wani sabon lissafi daga baya. Zan riƙe maka wannan farashin har ƙarshen Ramadan, sahur da buɗa baki, ana biya mako-mako bayan an ci, kuma kana iya tsayarwa da sanarwar kwana 2.

Ina buƙatar amsarka zuwa 7 ga Sha'aban don in yi cefane. Kalmar "to" ta ishe ni, da lambobin ɗakunan.

Allah ya karɓi ibadar baƙinka, ya mayar da su gida lafiya.

Ƙanwarka,
mai ɗakin girki, Misfala, Makka